Waiwaye: Yadda aka koyi cire danƙo da kusurwar gogayya daga gwajin tarayakziyal

Duk rahoton binciken ƙasa da ake kai wa injiniya kafin a haƙa harsashi ko a ɗaga madatsar ruwa, akwai lambobi biyu da idonsa ke fara nema: c, wato danƙon ƙasar, da φ, wato kusurwar gogayyar ƙwayoyinta. A yumɓu mai yashi duka biyun suna aiki, domin yumɓu na riƙewa, yashi kuma na cijewa. Sai dai samfur guda yana iya ba da amsa biyu mabambanta, kuma an ɗauki shekaru fiye da ɗari da hamsin kafin a gane dalili.

Tushen maganar Charles-Augustin de Coulomb ne, injiniyan sojan Faransa da ya yi shekaru yana gina ganuwa a tsibirin Martinique. A 1773 ya gabatar wa majalisar masana kimiyya ta Paris cewa ƙarfin da ke hana ƙasa zamewa kashi biyu ne: wanda ke nan ko da ba a danne ta ba, da wanda ke ƙaruwa gwargwadon dannewa. A rubutun yau: τ = c + σ tan φ, inda τ shi ne ƙarfin da ke hana zamewar, σ kuma dannewar. Bajamushe Otto Mohr ya kawo da'irarsa a 1882, hanyar da ake zana matsi mafi girma σ1 da mafi ƙanƙanta σ3 a takarda, a ga irin ƙarfin da ke kan kowane shafi a cikin abu. Wajen 1911 Theodore von Kármán ya matsa dutsen marmara ta kowane gefe sannan ya danne shi daga sama har ya karye. Wannan na'ura ita ce kakar na'urar gwajin tarayakziyal da ke ɗakunan gwajinmu yau.

Da aka koma kan ƙasa, sai lissafi ya ƙi zama. Yumɓu ɗaya, in an danne shi da sauri ya nuna kusurwa kusan sifili, in an bi shi a hankali ya nuna kusurwa mai girma. Karl Terzaghi ne ya warware ƙullin a farkon shekarun 1920, ya kuma fayyace shi a taron duniya na farko kan kimiyyar ƙasa da aka yi a Harvard a 1936. Ruwan da ke cikin ƙofofin ƙasa yana ɗaukar wani kaso na nauyin, kuma ruwa ba ya gogayya. Abin da ke hana zamewa shi ne ragowar da ƙwayoyi ke ɗauka da kansu: σ' = σ − u, inda u shi ne matsin ruwan. A Vienna, Leo Rendulic ya shiga auna wannan u a cikin samfur yayin da ake danne shi. Zaftarewar madatsar Chingford da ke kusa da London a 1937, tana tsakiyar gini, ta nuna wa injiniyoyin Birtaniya cewa maganar ba ta tsaya a allo ba: an jibga ƙasa da sauri kan yumɓu mai taushi, ruwan cikinsa bai samu lokacin fita ba. A 1954 Alec Skempton ya fitar da ma'aunan A da B, waɗanda ke nuna yadda matsin ruwa ke tashi in an danne samfur, kuma aikin Bishop da Henkel na 1957 ya daidaita yadda ake gudanar da gwajin. Daga nan nau'i uku suka tabbata: UU da ba a barin ruwa ya fita ko kaɗan, CD da ake barinsa ya fita har ƙarshe, da CU da ake barin samfur ya tsane ya zauna tukuna, sannan a rufe famfo a danne shi ana auna u.

Mu ɗauki misali na CU, da lambobin da na tsara don lissafi ya fito sarai, amma irin waɗanda yumɓu mai yashi kan bayar. Samfur uku, kowanne faɗin milimita 38 da tsawon 76, an zaunar da su a matsin gefe na kilofaskal 100, 200 da 300. Ƙarin dannewa daga sama da ya karya su ya kai 155, 255 da 355. Matsin ruwan da ya taso a lokacin karyewa kuwa 40, 90 da 140.

Wanda ya yi watsi da ruwa zai samu σ1 na 255, 455 da 655. Ba dole sai an ɗora rula kan da'irorin Mohr uku ba, domin dokar Coulomb tana rubutuwa haka: σ1 = N σ3 + 2c√N, inda sin φ = (N − 1)/(N + 1). Duk ƙarin 100 a gefe ya kawo ƙarin 200 a sama, ke nan N biyu ne, kusurwa ta zama digiri 19.5. Abin da ya rage, 255 a cire 200, shi ne 55, wanda ke ba da danƙo na kusan kilofaskal 19.

Yanzu a cire ruwan. Matsin gefe ya koma 60, 110 da 160, na sama kuma 215, 365 da 515. Girman da'irorin bai canja ba, sun dai matsa hagu ne, kowace gwargwadon ruwanta. Ƙarin 50 a gefe yanzu yana kawo 150 a sama, N ya zama uku, kusurwa digiri 30 cif. Ragowar, 215 a cire 180, ta zama 35, danƙo ya sauko zuwa kilofaskal 10.

Bambancin nan ba na ado ba ne. A zurfin kusan mita ɗaya, inda matsi bai wuce kilofaskal 20 ba, lambobin farko suna cewa ƙasar za ta jure 26, na biyu kuma 21.5 kacal. Wanda ya ɗauki na farko ya tsara gangaren gefen hanya da zai daɗe, ya ba ƙasar ƙarfin da ba ta da shi daidai wurin da zaftarewa ke farawa. A ganina, duk rahoton da ya ba da c da φ bai faɗi nau'in gwajin ba, ko bai nuna u ba, a mayar da shi.

Danƙo ne ya fi cancantar a yi masa kallon tsanaki. Ba a auna shi kai tsaye, ana samunsa ne ta miƙa layi baya zuwa inda matsi yake sifili, wurin da ba a gwada komai ba. Layin gaskiya kuwa yakan lanƙwasa ƙasa a wannan yanki, don haka in gwajin ya fara daga 100, c', wato danƙon da aka samu bayan cire ruwan, na iya fitowa sama da abin da ƙasar ke da shi a sama-sama. Maganinsa shi ne a zaɓi matsin gefe da ya yi kusa da wanda ƙasar za ta gani a wurin aiki.

Akwai kuma samfurin da bai ƙoshi da ruwa ba. Wannan ya shafe mu sosai, domin jar ƙasa mai yumɓu da yashi da ake haƙowa da rani tana da iska a ƙofofinta, kuma ɗan ruwan da ya rage yana tsotse ƙwayoyi wuri guda, sai ta nuna danƙo mai yawa wanda damina ke wankewa. Shi ya sa kafin a fara dannewa ake tura ruwa cikin samfur da matsi, sannan a rufe famfo a ƙara matsin gefe a ga nawa ruwan ciki ya ɗauka. Rabon shi ne B, kuma galibi ana son ya kai 0.95. In an ƙara 50, ruwan ya tashi da 35 kawai, B ya tsaya a 0.7, duk u da za a karanta bayan haka ba abin dogara ba ne.

Sai kumburar samfur. Yana gajarta yana faɗi, don haka a gwajin da ruwa ba ya fita ana gyara faɗin fuskarsa da A = A0/(1 − ε), inda A a nan sabon faɗin ne, A0 faɗin farko, ε kuma kason gajartar. In ya gajarta da kashi 15 cikin ɗari, fuskar ta ƙaru da kusan kashi 18, kuma wanda ya raba nauyi da faɗin farko zai ƙara wa kowace da'ira wannan kason, kusurwarsa ta fito sama da ta gaskiya.