Gyaran fuskar wayar Android: a fara da gurabe kafin kwalliya

*"Malam, na sauke lanca da kunshin alamomin manhaja a Tecno ɗina, amma fuskar wayar tana nan yadda take. Ina kuskuren?" In ji wani mai shago a Kasuwar Barci, Kaduna.*

Ɗan'uwa, sauke lanca, wato manhajar da ke tsara fuskar waya, bai isa ba, sai ka shaida wa wayar cewa ita ce za ta riƙe fuskar. Shiga Settings, ka nemi Default apps, sannan Home app, ka zaɓi wadda ka sauke, misali Lawnchair. In ba haka ba, HiOS da ta zo da wayar ce za ta ci gaba da fitowa.

Shi kuma kunshin alamomi, irin su Arcticons, ba ya aiki da kansa. A cikin saitin lancar ake zaɓarsa. Kada ka damu in ka ga manhajar bankinka ta ƙi canza kama. Mai zanen bai zana mata ba ne. Danne ta, ka zaɓa mata wata alamar da hannunka.

*"To gurabe nawa ya kamata in sa?"*

A nan nake so ka natsu, domin shi ya kamata a fara yi tun kafin a jera komai. Fuskar waya kamar kantar shago take, an yanka ta gida-gida. Tsarin 4x6 na nufin gida 4 a kwance, 6 a tsaye, gurabe 24 ke nan. 5x6 kuwa 30.

Mu ce kana son wijit, wato ɗan akwatin da ke nuna bayani a fuskar waya, na lokutan salla mai girman 4x2 a sama. A 4x6 zai cika faɗin allon, ya cinye gurabe 8, ya bar maka 16. Ka koma 5x6 daga baya, sai ka ga gefe guda ya zauna fanko, manhajojin da ka jera kuma sun goce daga inda babban yatsanka ya saba. Gyaransa shi ne ka danne wijit ɗin har baki ya fito masa, ka ja shi ya zama 5x2. Yanzu ya ci 10, saura 20.

Ni dai ga mai amsa kuɗi a tsaye, hannu ɗaya riƙe da kaya, 4x6 nake zaɓa wa. Alamomin sun fi girma, yatsa ba ya faɗawa kan maƙwabciya. Manhajar banki, WhatsApp da kalkuleta su zauna a layin ƙasa.

*"Wijit ɗin yakan tsaya, la'asar ta wuce yana nuna azahar."*

Galibi tsarin tattalin batir ne ya kashe manhajar a bayan fage. Alamarsa, da ka buɗe manhajar sai lokacin ya daidaita nan take. Shiga App info nata, ka taɓa Battery, ka cire mata takunkumi. A wayoyi da yawa sunan zaɓin Unrestricted.