Waɗanne gurabe zan ƙara a fom ɗin Redmine?

Shugabanmu ya ce in ƙara gurabe 12 a fom ɗin buɗe tikiti na Redmine, manhajar da muke bibiyar matsaloli da ita. In ƙara?

A'a. Tambaye shi wanda zai tace tikitoci da kowane ɗayansu, da kuma shawarar da za a yanke da amsar. Gurbin da ba za ka sa wa alama a `Used as a filter` ba, yawanci bayaninsa cikin `Description` ya kamata ya shiga.

Sunan wanda ya buɗe tikiti da ranar fa?

Haba Malam. Redmine yana rubuta su da kansa.

`Text` zan zaɓa ko `List`?

`List`, in dai amsoshin suna ƙirguwa. Bar sigar Android a `Text` ka ga abin da zai biyo baya: wannan ya rubuta "12", wancan "Android12", wani kuma "sabuwa". Ba ka da yadda za ka haɗa su wuri ɗaya. Kuma ka yi tunani tun farko, don da zarar ka ajiye gurbi ba a canza masa `Format`.

In mai da gurbin dole, ko in bar shi ganin dama?

To, nan sai an bi a hankali, don ya danganta da wanda ke cikewa da lokacin da yake cikewa. Ɗauki gurbin "Musabbabi", mai zaɓi uku: kuskuren lamba, saiti, ko matsalar sadarwa. Gurbi ne mai amfani ƙwarai, shi zai nuna maka inda matsaloli suka fi fitowa. Amma wadda ke amsa kiran abokan ciniki ba ta san musabbabi ba a lokacin da take buɗe tikiti. In ka sa `Required`, fom ba zai tafi ba, sai ta danna na farko a jerin don ta samu ta wuce. Ba laifinta ba ne. Kai ka tilasta mata amsa abin da ba ta sani ba, kuma amsar ƙarya ta fi gurbin da ba a cike ba illa, tunda ita ba a gane ta da ido.

Ni abin da nake yi, ina barin sa ganin dama, sannan in shiga `Workflow`, shafin `Fields permissions`, in mai da shi dole a matakin `Resolved` kaɗai. Lokacin mai gyara ya riga ya san amsa. Sai dai ana saita wannan ne ga kowane `Role` da kowane `Tracker` daban, ka manta ɗaya mutane su wuce ta nan. In kuwa amsar tana hannun mai buɗe tikiti, kamar sigar manhajar da ke wayarsa, dolen farko ba laifi.

Yaya zan gane gurbin da ya zama tarkace?

Tace da `none` ka ga yawan tikitocin da ba a cike ba. In sun fi yawa, ko kusan kowa ya zaɓi "Sauransu", ba ya aiki.

Sai in goge shi?

Kada ka kuskura! Gogewa tana tafiya da duk amsoshin da aka taɓa rubutawa. Cire masa alama daga `Trackers` kawai: zai ɓace daga fom, bayanan kuma suna nan a kan duk tikitin da ba a sake gyarawa ba.