Waiwaye: Alwatikar da ke bayan katanga, da wadda aka daɗe ba a gani ba

Duk damina sai an sake wannan muhawara. Katangar da ke tare da ƙasa a bayanta ta kwanta, ko bangon tankin ruwa ya tsage daga gindi, sai jama'a su rabu gida biyu: wasu su ce an rage siminti, wasu su ce rodi ne bai kai ba. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma akwai katangun da aka zuba musu siminti da rodi yadda ya kamata, suka kuma faɗi, domin tun a kan takarda ba a lissafa dukkan abin da ke tura su ba. Wannan matsala ta girmi kowa a cikinmu, kuma tarihinta yana tafe ne tare da tarihin wani ɗan lissafi da ake koya wa ɗalibin injiniya a shekararsa ta farko.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Ruwan da ke jingine da bango ba ya tura shi daidai wa daida. A saman ruwan matsin sifili ne, yana ƙaruwa da zurfi har ya kai ƙarshensa a gindi, don haka idan aka zana shi sai ya fito da siffar alwatika, tsininta a sama, faɗinta a ƙasa. Maimakon a bi kowane taki ana lissafi, sai a maye gurbin alwatikar duka da ƙarfi guda ɗaya. Girman wannan ƙarfi shi ne filin alwatikar:

```
F = ½ × w × L
```

inda w shi ne matsi mafi girma, L kuma tsawon da nauyin ya mamaye. Layin da ƙarfin ke bi yana ratsa cibiyar alwatikar, wato kashi ɗaya cikin uku na L idan aka auno daga ɓangare mai kauri, ko kashi biyu cikin uku daga tsini.

A ɗauki bango mai tsayin mita 3 da ruwa ya cika bayansa, a yanki mita ɗaya na tsawonsa. Mita ɗaya na zurfin ruwa yana ba da matsin kilonyutan 9.81 a kan kowace murabba'in mita, mu ce 10 don sauƙi. A gindi matsin ya zama 30. Rabin 30 sau 3 ya ba da kilonyutan 45, kusan nauyin tan huɗu da rabi, kuma yana tura bangon a tsayin mita 1 daga gindi. Ƙarfin da ke neman kifar da bangon shi ne 45 sau 1, wato kilonyutan-mita 45. Abin da magina da yawa ba su lura da shi ba shi ne yadda wannan adadi ke tashi da tsayi. Da bangon mita 2 ne, ƙarfin kifarwar bai wuce 13.3 ba. Ƙarin mita ɗaya tak ya ninka shi fiye da sau uku, domin alwatikar ta ƙara girma, layinta kuma ya ƙara hawa sama. In aka ninka tsayi sau biyu, ƙarfin kifarwa sau takwas yake ninkuwa.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Archimedes, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna inda cibiyar alwatika take. A 1586 Simon Stevin ya yanka bango zuwa siraran ɓangarori, ya nuna cewa turin ruwa daidai yake da rabin abin da zai kasance da matsin gindi ne ya mamaye bangon duka. Pierre Varignon, a ƙarshen ƙarni na 17, ya kafa hujjar da ta halatta maye gurbin: juyin da ƙarfi ɗaya ke haddasawa daidai yake da jimillar juyin ƙananan ƙarfafan da ya wakilta. Coulomb a 1773 da Rankine a 1857 suka kai wannan tunani kan ƙasa da yashi. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 injiniyoyin Faransa suna tsara madatsun ruwa na dutse da wannan lissafi, kuma ƙa'idar da ta kafu daga baya ita ce: a haɗa turin ruwa da nauyin ginin, layin da suka bayar tare ya sauka a cikin kashi na tsakiya idan an raba faɗin gindi uku. Muddin ya sauka a can, babu inda gindin zai nemi ɗagawa.

Inda littattafan makaranta suka saba tsallakewa shi ne abin da ya faru a Bouzey, kusa da garin Épinal a gabashin Faransa. Madatsar dutse ce mai tsayin kimanin mita 22, an kammala ta a 1881 don ba wa wata hanyar jiragen ruwa ruwa. A 1884 wani dogon sashe nata ya zame gaba da kimanin sulusin mita. Aka gyara, aka ƙarfafa gindin, aka ci gaba da tara ruwa. Ranar 27 ga Afrilun 1895 saman madatsar ya karye ya kifa, ruwa ya bi kwarin, mutum fiye da 80 suka rasu.

Turin ruwan da ke jikin madatsar ba sabon abu ba ne ga kowa a lokacin, an san girmansa, an san layinsa. Abin da lissafin zamanin bai saba ɗauka ba shi ne ruwan da ya shiga cikin ginin kansa. Da zarar ɗan tsagi ya buɗe a fuskar da ke kallon ruwa, ruwa zai kutsa ciki da cikakken matsin wannan zurfin, kuma a cikin tsagin da ke kwance turinsa sama yake yi. A wannan shekarar ta 1895 Maurice Lévy ya gabatar wa majalisar masana kimiyya ta Faransa sharaɗin da har yau ake kira da sunansa: dannawar da nauyin gini ke yi a fuskar da ke kallon ruwa kada ta gaza matsin ruwan a wannan zurfin, don kada ruwa ya iya buɗe tsagi ya faɗaɗa shi. Gaskiya ne wasu sun riga sun hango haɗarin, domin madatsar Vyrnwy da aka gina a Birtaniya a shekarun 1880 an yi mata magudanai a ƙarƙashi. Amma bayan Bouzey ne zancen ya shiga ƙa'idar tsara gini.

Wannan ruwa na ƙarƙashi shi ma alwatika yake zanawa, sai dai a kwance take. A ɓangaren ruwa matsinsa cikakke ne, yana raguwa har ya kai sifili a ɓangaren da babu ruwa. Mu koma ga bangonmu na mita 3, mu ce na kankare ne zalla mai kaurin mita 2. Kankare yana da nauyin kimanin kilonyutan 24 a kowace kubik mita, don haka bangon ya kai 144, kuma nauyinsa yana sauka a mita 1 daga gefen waje, gefen da zai dogara a kai in zai kifa. Ƙarfin riƙewa 144 ne, na kifarwa 45. A cire 45 daga 144 a raba da 144, layin ya sauka a mita 0.69 daga gefen waje. Kashin tsakiya ya fara daga 0.67, saboda haka bangon ya tsallake, ko da yake da ƙyar.

Yanzu a bar ruwa ya shiga ƙarƙashinsa. Alwatika ta biyu tana da matsin 30 a gefen ruwa, tsawonta mita 2, ƙarfinta rabin 30 sau 2, wato kilonyutan 30 masu ɗaga bangon sama. Layinta yana sulusin mita 2 daga gefen ruwa, wato mita 1.33 daga gefen waje, don haka ta ƙara 40 a kan ƙarfin kifarwa. Nauyin da ke danne ƙasa ya ragu zuwa 114, ragowar ƙarfin riƙewa ya koma 59, layin kuma ya matsa zuwa mita 0.52. Ya fita daga kashin tsakiya. Gefen ruwa zai fara ɗagawa, tsagi ya ƙara buɗewa, ruwa ya ƙara shiga da cikakken matsinsa, alwatikar ta kumbura ta wuce yadda aka zana ta. Ba a taɓa siminti ba, ba a rage komai daga bangon ba. A nan ne kuma kuskuren auna sulusi daga gefen da ba shi ba yake yin ɓarna sosai: wanda ya sa layin a mita 0.67 daga gefen waje zai sami 20 maimakon 40, ya ɗauka akwai sauran rata.

Katangar da ke tare ƙasa a unguwa ba madatsa ba ce, amma ciwon iri ɗaya ne. Busasshen yashi mai nauyin kilonyutan 18 a kowace kubik mita yana tura bango da kimanin sulusin nauyinsa, don haka a mita 3 turinsa 27 ne, a tsayin mita 1. Idan ruwan sama ya cika ƙasar har sama, turin yashin kansa yana sauka zuwa wajen 15, domin ruwa ya ɗauke masa wani ɓangare na nauyinsa, amma alwatikar ruwa ta zo da nata 45 cikakke. Jimilla 60, fiye da ninki biyu na abin da katangar ke ɗauka da rani. Shi ya sa ake barin ramukan fitar ruwa a ƙasan katanga, a zuba tsakuwa a bayanta. Katangar da aka shafe ramukanta da filasta don kyan gani, ko laka ta toshe su, alamarta ita ce danshi mai tsayi a jikinta bayan ruwa ya ɗauke, da tsagi a kwance kusa da gindi, da saman da ya fara sunkuyowa waje.

Akwai kuma iyakar da wannan maye gurbi yake da ita, wadda ɗalibai ke yawan ƙetarewa. Ƙarfi ɗayan yana aiki ne wajen gano abin da ginshiƙai ke ɗauka da kuma kifewa ko zamewar abu dungurungum. Ba ya faɗin abin da ke faruwa a cikin jikin ginin. Bim mai tsawon mita 6 a kan ginshiƙai biyu, da nauyin da ya tashi daga sifili zuwa kilonyutan 10 a kowace mita, yana da ƙarfi ɗaya na 30 a mita 4 daga tsini, ginshiƙan kuma suna ɗaukar 10 da 20. Wannan daidai ne. Amma wanda ya bar ƙarfi ɗayan a wurin ya lissafa lanƙwasa zai sami 40 a mita 4, alhali mafi girman lanƙwasa na gaskiya kimanin 23 ne, kuma yana wajen mita 3.46. Don sanin abin da ke faruwa a wani wuri, sai a yanke bim ɗin a can, a sake zana guntun nauyin da ya rage a gefe ɗaya, a nemo ƙarfinsa da layinsa daban. Haka ma a bango: a rabin tsayin bangon mita 3, alwatikar da ke sama tana da matsin 15 da tsayin mita 1.5, ƙarfinta 11.25 a rabin mita sama da yankan, lanƙwasar kuma 5.6 kacal, kashi ɗaya cikin takwas na 45 ɗin da ke gindi. Dalilin da ya sa ke nan a bangon da gindinsa kaɗai ke riƙe da shi ake tara rodi a ƙasa, a fuskar da ke kallon ruwa ko ƙasar, a kuma lanƙwasa shi ya shiga cikin harsashi sosai.