Kwastomomi biyu sun tafi, kuɗin shiga ya ƙaru: yadda ake lissafin NRR

Ina da mutum goma masu biyan kuɗin manhajata duk wata. Biyu sun daina biya, amma abokin kasuwancina ya ce NRR ɗinmu ya haura kashi 100. Ta yaya hakan zai yiwu?

Zai yiwu, domin NRR, wato ma'aunin kuɗin da tsofaffin kwastomomi ke ci gaba da biya, kuɗi yake aunawa, ba kawunan mutane ba. Ana ɗaukar waɗanda suke biya a wata rana, a rubuta jimillar abin da suke biya a wata, wato abin da ake kira MRR. Bayan wata 12 sai a koma kan waɗannan mutanen dai, su kaɗai, a duba nawa suke biya yanzu.

Mu ce manhajarka tana da tsari uku: ƙarami dala 50 a wata, matsakaici dala 100, babba dala 200. A watan Janairu duka goman suna kan matsakaici, kenan dala 1,000 ke shigowa duk wata. Da shekara ta zagayo, biyu sun fita gaba ɗaya, ka rasa 200. Ɗaya ya sauka zuwa ƙaramin tsari, ka rasa 50. Huɗu suna nan yadda suke. Uku kuma aikinsu ya bunƙasa, suka hau babban tsari, kowanne ya ƙara 100, jimilla 300.

```
NRR = (1000 + 300 - 50 - 200) / 1000 = 1.05
```

Kashi 105 cikin 100 kenan. Mutum takwas ne suka rage, amma dala 1,050 suke biya, sun zarce abin da goma suke biya a da. Wannan dala 300 ita ce kuɗin faɗaɗa, wato ƙarin da ya fito daga hannun tsofaffin kwastomomi.

A cikin shekarar na samu sababbin mutum huɗu. Ina za su shiga?

Ba sa shiga ko kaɗan. In ka zuba dala 400 ɗinsu a ciki za ka samu 1,450, ka ce kashi 145, alhali abin da ka auna girman kasuwancin ne baki ɗaya. NRR tambaya ɗaya yake amsawa: da ace ka daina neman sababbi tun Janairu, kuɗin shigarka zai ƙaru ne ko zai ragu? Ko da ɗaya daga cikin sababbin ya hau babban tsari a watan Oktoba, ƙarinsa ba na wannan rukunin ba ne. Sai a lissafin baɗi, lokacin da yake cikin waɗanda aka fara ƙirga da su.

To tunda mun samu 105, hankalina ya kwanta kenan?

A'a, kuma nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau. Akwai wani ma'auni ɗan'uwansa, GRR, wanda ba ya lissafa ƙari, asara kawai yake cirewa. A naka, 1,000 a cire 200 a cire 50, saura 750, wato kashi 75. Shi GRR ba ya taɓa wuce 100. Abin da yake gaya maka shi ne rubu'in kuɗin da ka fara da shi ya zube cikin shekara guda, mutum uku ne kawai suka rufa maka asiri.

Dubi kuma yadda nauyin ya karkata. Cikin dala 1,050 da rukunin ke biya yanzu, 600 daga waɗannan ukun take fitowa, sama da rabi. A da in mutum ɗaya ya tafi, kashi 10 ka rasa. Yanzu in ɗaya daga cikin manyan ya tafi, kusan kashi 19 ya tafi da shi. Sannan ukun nan sun riga sun kai ƙololuwar tsarinka, babu wani mataki a sama da za su hau baɗi. In aka sake samun masu fita biyu daga matsakaicin tsari, dole sai wasu biyu sun hau babban tsari kafin a cike gurbin. A ganina duk wanda ya kawo maka NRR shi kaɗai, ba tare da GRR a gefensa ba, rabin labari ya ba ka.

Sai kuma ƙarancin adadin. Da biyu ne suka hau maimakon uku, sakamakon zai zama kashi 95. Shawarar mutum ɗaya ce ta raba "muna girma" da "muna raguwa". Da kwastomomi goma, abin da ya fi amfani shi ne ka san dalilin kowanne: me ya kori biyun nan, me ya sa ɗayan ya sauka, wane aiki ne ya kai ukun ga babban tsari.

Duk wani ƙarin kuɗi daga tsohon kwastoma faɗaɗa ne?

Sai in mai maimaituwa ne. Hawa tsari, ƙara yawan ma'aikatan da ke amfani da manhajar, sayen wani ƙarin sashe da ake biya duk wata, duka suna shiga. Kuɗin da aka biya sau ɗaya, kamar na horar da ma'aikata ko na saita manhajar, ba ya shiga. Wanda ya biya na shekara a dunƙule, a raba kuɗinsa gida 12.

Abu biyu ne suke ruɗar mutane. Na farko ƙarin farashi. In ka ɗora kashi 10 a kan kowa, NRR zai tashi, kuma lissafin bai yi ƙarya ba, sai dai babu wanda ya nemi ƙarin komai daga gare ka. Na biyu ƙarewar rangwame: wanda ya shigo da rabin farashi, wa'adi ya cika ya koma biyan 100, zai bayyana kamar ya ninka kuɗinsa. Ka ware wa irin waɗannan layinsu daban, domin hawa tsari da son rai ne yake nuna cewa manhajar ta ƙara shiga cikin aikin mutum.

Ta yaya zan tsara shi a Excel?

Layi ɗaya ga kowane kwastoma na ranar farawa. Suna a A, abin da yake biya a farko a B, abin da yake biya yanzu a C. Wanda ya fita kada ka goge layinsa, ka sa masa sifili. Goge su shi ne kuskuren da ya fi kumbura sakamako: in ka cire biyun nan, 1,050 za ka raba da 800, ka ga kashi 131 da babu shi. A D kuma ka ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin B da C.

```
D2:  =MIN(B2,C2)
NRR: =SUM(C2:C11)/SUM(B2:B11)
GRR: =SUM(D2:D11)/SUM(B2:B11)
```

Na wata-wata zan riƙa dubawa ko na shekara?

Kowanne ka zaɓa, ka rubuta tsawon lokacin a gefen adadin. Kashi 99 a wata yana kama da babu matsala, amma in ya maimaitu sau 12 zai koma kusan kashi 89 a shekara. Masu zuba jari galibi na wata 12 suke nufi in sun tambaya. Kuma in kwastomominka kwantiragin shekara suke sa wa hannu, na wata-wata ba zai nuna maka masu fita ba sai watan sabuntawa ya zo, tunda kafin nan babu wanda yake da damar fita.