Fayawol: katangar tsaron kwamfuta

Fayawol, ko katangar tsaro, manhaja ce ko na'ura da ke tsayawa tsakanin kwamfuta da sauran na'urorin da take haɗe da su, tana tantance saƙon da zai shiga da wanda za a tare. Wadda ma'aikacin ofis ya fi haɗuwa da ita ita ce ta cikin Windows, mai suna Windows Defender Firewall. Tun shekarar 2004, da fitowar Service Pack 2 na Windows XP, take zuwa a kunne.

Yadda take aiki

Duk saƙon da ya doshi kwamfuta yana ɗauke da adireshin inda ya fito da lambar ƙofar da yake nema. Lambobin sun tashi daga 0 zuwa 65535, kuma manyan ayyuka kowanne da tasa: shafukan intanet masu tsaro 443, raba fayil da firinta tsakanin kwamfutocin Windows 445, sarrafa kwamfuta daga nesa 3389.

Aikinta kamar na maigadi ne mai littafi a bakin get. Idan ma'aikaci ya buɗe shafin banki, kwamfutarsa ce ta fara magana, sai fayawol ta rubuta cewa an aika, ana jiran amsa daga wuri kaza. Amsar na zuwa za ta wuce. Wanda kuwa ya zo yana neman 445 ba tare da an kira shi ba, ba ya cikin littafin, sai a tare shi, sai fa in akwai dokar da ta ba shi izini. Shi ya sa mutum zai wuni yana aiki bai ji ɗuriyarta ba.

Wasu kan ce ai rautar ofis ma tana tare baƙin da ke zuwa daga intanet. Gaskiya ne, amma ba ta shiga tsakanin kwamfutocin da ke kan waifai ɗaya. Abokin aiki da ya dawo daga bita da laftof ɗin da ta kwaso cuta a otal ya riga ya shigo ciki. Haka cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta yaɗu a watan Mayun 2017: ta bi ta ƙofa 445 daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba tare da kowa ya danna komai ba, ta kulle fayiloli a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin gwamnati a Birtaniya.

Inda aka fi kashe ta

A ce wani ofis ne a Gombe, firinta ɗaya a jone da kwamfutar akanta, kowa ta nan yake buga takarda. Aka canja rauta, washegari firinta ta daina amsa kowa sai akanta. Wani ya kashe fayawol ɗin kwamfutar akanta, nan take takardu suka fara fita, aka ce an gano mai laifi.

Ga abin da ya faru. Windows tana sa kowace hanyar sadarwa a ɗaya daga rukuni uku: Domain, Private da Public. Sabuwar rautar da ba ta sani ba takan faɗa Public, rukunin otal da tasha, inda raba fayil da firinta ke rufe. Gyaran, a kwamfutar akanta, ba ya wuce minti biyar. A Settings, ƙarƙashin Network & internet, a buɗe bayanan waifai ɗin ofis a mayar da shi Private. Daga nan a shiga Windows Security, Firewall & network protection, Allow an app through firewall, a danna Change settings, a sa wa File and Printer Sharing alama a layin Private kaɗai. An buɗe abin da ake buƙata ke nan, sauran ƙofofin na nan a rufe. Kashe ta gaba ɗaya kuwa ya bar kwamfutar da ke ɗauke da takardun albashi a buɗe ga duk wanda ya san kalmar sirrin waifai, kuma da wuya wanda ya kashe ya tuna ya kunna. Idan maɓallan sun ƙi dannuwa, jami'in kula da kwamfutocin ofis ne ya kulle su da gangan, shi za a nema.

Ana iya duba halin da take ciki a Command Prompt:

```
netsh advfirewall show allprofiles state
```

Kowane rukuni ya kamata ya nuna ON.

Abin da ba ta iya yi

A tsarinta na asali fayawol ɗin Windows tana barin kusan duk abin da kwamfuta ta nema da kanta. Idan ma'aikaci ya danna mahaɗin bogi a imel ya rubuta lambar sirrinsa, ko ya sauke fayil mai cuta, za ta bar shi ya wuce, domin daga ciki aka yi kiran. Cutar da ta shigo ta filasha ma ba ta bi ta gabanta ba, wannan aikin antibairos ne. Haka nan idan akwatin Windows ya fito yana neman izini ga wata manhaja, danna Allow doka ce sabuwa aka rubuta mata, kuma za ta ci gaba da binta har sai an goge. Manhajar da mutum bai san ta ba, kada ya ba ta izinin.