Garantin kayan waje: kafin ka ce a sayo maka a Dubai

A Farm Centre ko Beirut Road a Kano za ka yawan jin mai shago yana cewa, "Wannan ɗan Dubai ne, da garantinsa na shekara guda." Sau da yawa gaskiya yake faɗa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, a wace ƙasa wannan garanti yake aiki?

Garanti alkawari ne a rubuce tsakanin kamfani da mai saye, kuma kamfanin ne ke shata iyakarsa. Dokarmu ta kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi ga wanda ya sayar maka cikin wata uku, ya gyara, ya canza, ko ya biya ka. Amma idan ƙanenka ne ya shiga wani shago a unguwar Deira ta Dubai ya sayo maka, a Kano ba ka da wanda za ka riƙe. Abin da ya rage maka kawai shi ne takardar kamfanin.

Mutane kan tambaya wane kamfani ne garantinsa ke bin kaya ko'ina. Ni a ganina sunan kamfani bai isa amsa ba, domin kamfani ɗaya kan bambanta tsakanin kayansa. Ɗauki Apple. A takardar garantinsa na shekara guda ya rubuta cewa yana iya taƙaita gyaran iPhone da iPad ga ƙasar da aka fara sayar da su. Kwamfutocin Mac ba sa cikin wannan togaciyar. Ke nan idan aka sayo maka iPhone da MacBook rana ɗaya, a shago ɗaya, wakilin kamfanin a Najeriya zai iya karɓar kwamfutar ya ƙi wayar, kuma bai karya alkawari ba. Dalilin a fili yake: wayoyi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Tun daga iPhone 14, wadda ake sayarwa a Amurka ba ta da wurin saka sim, don haka kayan gyaranta ba lallai su zo daidai da na nan ba.

A ce dai ƙanen naka yana tsaye a shagon, ya kira ka ta bidiyo. Kada ya biya tukuna. Ka ce ya duba jikin kwalin iPhone ɗin, ko idan a kunne take ya shiga Settings, sannan General, sannan About, ya karanto maka lambar samfuri da lambar siriyal. Harafin farko na lambar samfurin yana magana: M sabuwa ce, F wadda kamfani ya gyara ya sake sayarwa, N kuma wadda aka bayar a madadin wata. Ƙarshenta kuma yana nuna kasuwar da aka yi wa ita, misali LL/A ta Amurka ce, CH/A ta Sin. Idan ka ga LL/A a Dubai, to wayar tun can baƙuwa ce, mai yiwuwa garantinta bai tsaya a Dubai ba balle Kano. Sai ka saka siriyal ɗin a checkcoverage.apple.com. Idan ya nuna saura wata bakwai, an daɗe da kunna ta, ko da kwalin na liƙe da leda.

Kwamfutoci sun fi sauƙi, amma da sharaɗi. Lenovo na da tsarin garanti na ƙasa da ƙasa, sai dai ba kowane samfuri ne ya shiga ba, kuma dole a duba ko Najeriya na cikin ƙasashen da aka lissafa wa wannan samfurin. Dell kuwa yana so ka cike fom a shafinsa da lambar Service Tag, ka mayar da rajistar na'urar zuwa sunanka da ƙasarka. Da yawa ba sa yi, sai ranar da ta lalace.

Firiji, talabijin da injin wanki, shawarata a saye su a gida wurin dila mai izini. Garantinsu galibi na yanki ne, ga kuma batun wuta. Amurka na amfani da bolt 120, mu kuwa 230. Idan jikin na'urar ba a rubuta 100-240V ba, ka jona ta ta ƙone, babu kamfanin da zai saurare ka. Haka ma ɓarnar da hawa da saukar wutar nefa ta yi, ko fashewa a hannun 'yan kago.

Kuma ka lura, kwanakin garanti sun fara gudu tun ranar da aka yanka rasit, ko da kayan za su yi wata biyu a teku. Rasit ɗin ya kasance da kwanan wata, sunan shago da lambar siriyal, ka ɗauki hotonsa nan take domin tawadarsa na gogewa. Idan kuma aka ce maka "garantin shago ne", ka sani sai ka mayar da kayan wannan shagon na Deira, kuma kuɗin aikawa da dawowa daga aljihunka zai fita.