Moto na gudu ba kaya amma yana jan wuta: amsoshi kan fawa fakto da kafasito

Malam, mene ne fawa fakto?

Wutar da ta yi aiki ka raba da dukan wutar da waya ta ɗauko, wato `kW ÷ kVA`. In ya kusa 1, lafiya. In ya faɗo 0.5, rabin amfiyar da ke cikin wayarka ba ta niƙa ko ƙwayar gero.

Injin casar shinkafata na gudu ba kaya, amma kilam mita na nuna amfiya 9. Moton ya lalace ne?

Lafiyarsa lau. Moton indakshan ba shi da maganaɗisu na kansa, daga layi yake jan wutar da zai kafa shi a cikin kwayil, kuma wannan wutar kusan ɗaya take ko da kaya ko babu. Shi ya sa moton da ke ba da 0.85 a cikakken kaya kan faɗo ƙasa da 0.2 in yana gudu fanko. Abin da ke ba ni haushi a nan Sakkwato shi ne mai sayen moto mai kW 15 don aikin da mai kW 5.5 zai yi, wai don kada ya wahala. Tiransifomar unguwa ce ke shan wahalar.

In na sa kafasito don ya ɗaga fawa fakto, kuɗin wutata zai ragu?

A mita mai ƙirga kWh kaɗai, ragin bai taka kara ya karya ba. Kada kowa ya ruɗe ka. Ribar tana ga waya da ta daina zafi, da janareto da ya samu sarari.

To wane girma zan saya, kuma a ina zan ɗaura shi?

Nan ne ba na son gaggawa. Mu ɗauki moton nan naka mai kW 15 a kan bolt 415. Ka cire bel, ka auna, ka ce ka samu amfiya 9. Lissafin shi ne `1.732 × 415 × 9 ÷ 1000`, ya ba da kusan kvar 6.5, kvar kuwa shi ne ma'aunin wutar da ba ta aiki, abin da moton ke buƙata don maganaɗisunsa ke nan. Kafasiton da za a ɗaura a bakin moto kai tsaye kada ya wuce kashi 90 cikin ɗari na wannan, wato 5.8, sai ka ɗauki mai kvar 5.

A ce yanzu kana aiki da rubu'in kaya, moton na jan kW 4.5 da kvar wajen 7. Fawa fakto 0.54 ke nan, waya na ɗauke da amfiya 11.6. Da ka sa kafasiton, kvar 2 kawai zai rage a kan layi, fawa fakto ya haura 0.91, amfiya ta sauko ƙasa da 7. Moton bai canza komai ba, maganaɗisun ne yake samu daga maƙwabcinsa maimakon ya jawo shi tun daga tiransifoma.

Iyakar nan ta kashi 90 tana da dalili. Sa'ad da ka kashe wuta moto bai tsaya nan take ba, in kafasiton ya yi yawa sai ya ci gaba da ciyar da shi, moton ya koma janareto, bolt ya tashi ya ci kwayil. In moton na da sta-delta, ko ana juya shi gaba da baya, ko yana jan abu mai nauyi da ke daɗe yana juyi, ni na fi son a ba kafasiton kwantaktansa daban, ya shiga bayan moto ya kama gudu, ya fita tare da shi. Sannan in ka ɗaura kafasiton bayan obalod, wato na'urar da ke yanke wuta in moto ya ja fiye da kima, amfiyar da obalod ke gani ta ragu, dole ka rage saitinsa, in ba haka ba moto na ƙonewa shi yana kallo.

Amma fa duk wannan bisa bolt 415 ne. In wutar unguwarku ta saba zuwa a 380, mai kvar 5 ɗin nan kusan 4.2 zai ba ka. Ka auna naka kafin ka kwafi nawa.

Ina da inbata mai sarrafa gudun moto, in sa kafasito a bayanta?

A'a. Za ka rasa inbatar, wataƙila har da kafasiton.

A kan janareto fa?

Yana amfani, amma kada ka bar kafasito a kunne bayan moto ya tsaya, bolt ɗin janareton zai riƙa hawa yana rawa.

Na kashe wuta, in taɓa?

Ƙanena, don Allah kar ka yi. Kafasito na riƙe caji. Ka jira mintuna, ka sa mita ka ga sifili tukuna.

Yaya zan gane ya mutu?

Ka auna wayoyinsa uku, mai kvar 5 ya kamata ya ja wajen amfiya 7 a kowace. In ɗaya ta faɗi, ko gwangwanin ya kumbura, canza shi. Zafin Afrilu a garin nan yana cin su da wuri, don haka kada ka kulle shi a akwatin ƙarfe da rana ke duka, ka bar masa hanyar iska.